Ina Duba Jadawalin Farashi Sau Sittin a Yini, Yaya Zan Yi In Daina?

Malam, barka da aiki. Ni ma'aikacin albashi ne, ina shiga ofis ƙarfe takwas in tashi ƙarfe biyar. Wata tara ke nan da na fara cinikin foreks, wato saye da sayar da kuɗaɗen ƙasashe, da ɗan abin da na tara, dala dubu ɗaya, yanzu saura ɗari bakwai da 'yan kai. Matsalata ita ce ba na iya ajiye waya. Da zarar na shiga ciniki, ko ana taro sai na saka waya ƙarƙashin tebur ina leƙe. Wata rana na ƙirga, sau sittin da wani abu na buɗe. In na ga 'yar riba sai in rufe da sauri kada ta gudu, in na ga asara sai in matsar da Stop Loss baya, wato wurin da ciniki zai rufe kansa in asara ta kai can, ina fatan farashi zai dawo. Sau da yawa bayan na fita sai farashin ya je daidai inda na yi hasashe. Ogana ya yi mini kashedi sau biyu saboda kurakurai a rahoto. Maiɗakina kuma ta ce ko muna hira jikina ne kawai a wurin. Tsakar dare ma ina farkawa in duba. Ba na son in bari gaba ɗaya, domin ina jin na fara ganewa. Me zan yi?

Wani ma'aikaci

Ɗan'uwa, barka kadai, na kuma gode da ka faɗi lamarin yadda yake ba ka ƙawata ba. Kafin in ce maka yi kaza, bari in ba ka labarin wani abokina da muka taɓa zama ofis ɗaya, domin takalmin da kake sanye da shi, shi ma ya saka, har ya ci masa ƙafa.

Shi ma'aikacin sashen lissafin kuɗi ne, mutum mai tsari a komai, amma da ya shiga kasuwar nan sai ya koma kamar wanda aka ɗora wa tukunya a wuta aka ce kada ya bari ta ƙone. Yana da dala dubu a asusunsa, kamar yadda ka fara. Abin da ya farkar da shi ba wa'azin kowa ba ne, sana'arsa ce. Wani ƙarshen mako ya buɗe tarihin cinikinsa, ya kwashe ashirin na ƙarshe ya zuba a takarda, kowanne ya rubuta inda ya shiga, inda ya fara saka Stop Loss da Take Profit, wato wurin da ciniki zai rufe kansa da riba, da inda ya fita da hannunsa. Sai ya ƙara layi guda, wanda shi ne ya hana shi barci ranar: me zai faru da bai taɓa cinikin ba ko kaɗan. Tsarinsa tun farko shi ne ya yi kasadar dala goma don neman dala ashirin. A cikin ashirin ɗin, takwas sun kai inda ya nufa daga baya, sha biyu sun faɗi. Da ya bar su, ribar takwas ɗin dala 160 ce, asarar sha biyun dala 120, ya tashi da dala 40. Amma shi ba ya jira su kai, yana rufe masu ribar a wajen dala shida-shida, sai ya tara 48 kacal. Ko da a ce bai taɓa matsar da Stop Loss ba, ya riga ya koma asarar dala 72, ga shi kuwa ya matsar a guda uku, sun ci shi fiye da goma-goma. Hasashensa bai canza ba, kasuwar ma ita ce dai. Yatsansa ne ya mayar da riba asara.

Ka tsaya a kan wannan lissafi, domin a nan maganar take. Wanda yake neman biyu da kasadar ɗaya, ya ci ɗaya cikin uku ma ya mayar da uwar kuɗinsa, ban da ɗan abin da dillali ke cira. Wanda yake karɓar shida yana ba da goma, sai ya ci fiye da shida cikin kowane goma kafin ya tsaya a inda yake. Kai da kanka kake ɗora wa kanka jarrabawar da ta fi wadda ka shirya wa wuya, duk lokacin da ka rufe da wuri.

Kada kuma ka ɗauka wani rauni ne naka kai kaɗai. Masu bincike Daniel Kahneman da Amos Tversky sun nuna cewa zafin asara a zuciyar mutum ya kai kusan ninki biyu na daɗin riba mai girma ɗaya. A 1985 Hersh Shefrin da Meir Statman suka bayyana ɗabi'ar nan ta sayar da mai riba da wuri da riƙe mai asara ya daɗe. A 1997 kuma Uri Gneezy da Jan Potters suka gwada mutane, suka ga waɗanda ake nuna wa sakamako a kai a kai sun fi ja da baya daga kasada mai amfani, a kan waɗanda ake nuna wa jefi-jefi. Dalilin a fili yake. Cinikin da zai yi kwana uku kafin ya kai gaci ba ya tafiya a miƙe, yana hawa yana sauka. In ka duba sau uku, za ka ga ja wataƙila sau ɗaya. In ka duba sau sittin, za ka ga ja sau ashirin ko talatin, kowanne kuma sai ya soke ka. Babu zuciyar da za a soka sau talatin a yini ta kasa yin wani abu, abin da ya fi kusa da hannu kuwa shi ne maɓallin rufewa.

To ga abin da abokin nan nawa ya yi. Da farko ya bar kyandir na minti biyar, wato sandar da ke nuna hawa da saukar farashi a jadawali cikin kowane minti biyar. A M5 kyandir 288 ne ke fita a yini, kowanne da alama yana ba ka labari, alhali yawancinsu hayaniya ce. Ya koma H4 na awa huɗu, inda kyandir shida ne kawai, da D1 na yini, inda guda ɗaya ne. Ya kafa wa kansa doka cewa ba ya yanke shawara a kan kyandir da bai rufe ba. Wannan doka ita ta haifar da lokutan dubawar, ba wai ya zaɓi awoyi don sun yi masa daɗi ba. Kyandir da ke cikin tafiya ba shi da magana ɗaya: a awarsa ta biyu zai iya zama ja dogo mai ban tsoro, ya rufe kore da jela a ƙasa, ma'anarsa ta juye gaba ɗaya. Tun da sai ya rufe ake karanta shi, dubawa kafin nan leƙen tukunya ne kawai, ba ya sa ta nuna.

A wajen dillalai da yawa, kyandir na yini yana rufewa ƙarfe biyar na yamma agogon New York. Hakan ya yi daidai da ƙarfe 21:00 agogon GMT daga Maris zuwa farkon Nuwamba, da ƙarfe 22:00 a sauran watannin, saboda Amurka tana matsar da agogonta a Lahadi ta biyu ta Maris, ta mayar a Lahadi ta farko ta Nuwamba. Kyandir na awa huɗu daga nan yake ƙirgawa. Shi agogonsa yana gaban GMT da awa ɗaya, don haka daga Maris zuwa farkon Nuwamba rufewar ta faɗo masa ƙarfe biyu na dare, shida na safe, goma, biyu na rana, shida na yamma da goma na dare. Ya ɗauki uku waɗanda ba su shiga lokacin aiki ba: shida na safe kafin ya fita, shida na yamma bayan ya dawo, da goma na dare. Na safe da na yamma minti goma-goma ne, na dare rabin awa, kuma a na daren kaɗai yake da izinin shirya sabon ciniki. Kai kada ka kwafi awoyinsa ido rufe. Ka duba agogon da ke saman Market Watch a manhajar ciniki ta MetaTrader ka gwada shi da na wayarka, domin agogon dillali dabam ne, kuma ba duka dillalai ne suke kan tsari ɗaya ba. In kuwa kirifto kake yi, mafi yawan dandali suna rufe yini ƙarfe 00:00 agogon GMT, sai ka ƙirga daga nan. Ka kuma tuna da batun Maris da Nuwamba, shi kansa ya yi mako guda yana zama ƙarfe goma yana karanta kyandir da saura awa ɗaya ya rufe kafin ya gane abin da ya canza.

Sai cinikinsa na farko a wannan tsari, wanda har yau yake ba da labarinsa yana dariya. Daren Litinin ya ga EURUSD, wato farashin yuro a dala, ya daɗe yana hawa a D1, ya ɗan ja da baya zuwa wani wuri da ya taɓa tokarewa. Bai saya nan take ba. Ya ajiye Buy Limit, wato umarnin a saya in farashi ya sauko, a 1.0850, Stop Loss a 1.0800, Take Profit a 1.0950. Tazarar asara pip hamsin ke nan, ta riba pip ɗari, pip ɗaya kuwa shi ne motsin farashi na 0.0001. Sannan ya yi lissafin girman cinikin daga baya zuwa gaba, ba daga kwaɗayi ba: kashi ɗaya cikin ɗari na dala dubu shi ne dala goma, a raba goma gida hamsin, kowane pip ya zama senti ashirin. A EURUSD lot ɗaya cikakke, wato ma'aunin girman ciniki, dala goma ne kowane pip, 0.01 kuma senti goma, saboda haka ya rubuta 0.02. Ya kashe kwamfuta ya kwanta.

Da safe cinikin bai shiga ba tukuna. Ya tafi aiki, kuma ya ce mini ranar ce mafi tsawo da ya taɓa yi a ofis. Ya riga ya goge manhajar daga wayarsa, amma sau ba adadi yana ciro wayar ya buɗe ta, ya tsaya yana kallon gurbin da take a da, kamar mai taɓa wurin haƙorin da aka cire. Ƙarfe shida na yamma ya zauna ya duba. Cinikin ya shiga da hantsi, farashi ya gangara har 1.0818, wato pip talatin da biyu a ƙasa, asarar dala shida da senti arba'in, saura pip goma sha takwas a fitar da shi. Daga nan ya juyo, kyandir ɗin ya rufe a 1.0856 da doguwar jela a ƙasa. Duk wannan faɗuwar ta faru yana cikin taro. Ya ce da yana kallo, ya san kansa, ɗayan biyu zai yi: ko ya rufe a wajen 1.0825 don ya tsira da wani abu, ko ya ja Stop Loss zuwa 1.0770. Abin da da zai zama awa biyu na bugun zuciya, ya same shi a matsayin ɗan layi siriri da ya riga ya wuce.

Laraba ita ce jarrabawar gaske. Da yamma ya tarar da ribar pip arba'in, dala takwas, yatsansa na ƙaiƙayi. Amma ya riga ya rubuta a littafinsa tambayoyi biyu da yake amsawa a kowane zama: shin wani kyandir na H4 ya rufe a ƙasan wurin da ya sa na saya, kuma shin akwai wani babban rahoto da zai fito kafin zama na gaba. Amsar duka a'a ce, don haka ba shi da aikin yi. Ƙarfe goma na dare ribar ta narke ta koma pip shida. Ya kwanta yana zagin kansa, yana cewa ga dala takwas a hannu ya bari ta tafi. Alhamis da yamma ya buɗe, bai ga cinikin ba. Gabansa ya faɗi, ya shiga History, ya tarar an rufe shi a 1.0950 wajen ƙarfe uku da rabi, lokacin yana tsakiyar haɗa takardun albashin ma'aikata.

Kada ka ɗauka daga nan komai ya zama zuma. Biyun da suka biyo baya duka Stop Loss suka taɓa, ɗayan ma pip uku kawai farashin ya wuce shi sannan ya juya ya tafi inda ya yi hasashe. Ya ce abin da ya ba shi mamaki shi ne asarar ba ta yi masa zafi kamar da ba. Dala goma ce, ya san da ita tun daren da ya rubuta ta, kuma bai zauna yana kallon ta tana ɗiga ba. Haƙurin da ya samu ba wani hali ne da ya sauko masa daga sama ba. Ya dai rage wa kansa yawan lokutan da ake buƙatar haƙurin, daga sittin zuwa uku, har zuciyar ta saba cewa rashin kallo ba ya kashe kowa.

Yanzu bari mu dawo kanka. Abu na farko, a daren yau, ka yi lissafin da ya yi. Ka ce sau da yawa farashi yana zuwa inda ka yi hasashe bayan ka fita. Wataƙila haka ne, wataƙila kuma waɗannan ne kawai suka tsaya maka a rai don sun fi ciwo, ka manta da waɗanda fitar da wuri ta cece ka. Takarda ce za ta raba gardama. In ta nuna cewa da ka bar su da ka tashi da riba, matsalarka ta hannu ce, kuma tsayayyun lokuta za su yi maka magani. In ta nuna ko an bar su ma asara ce, to ka ga ba kallo ne ciwon ba, hanyar zaɓen cinikin ce ba ta da ƙarfi, kuma duba sau uku ba zai gyara ta ba, sai dai ya rage saurin zubar kuɗin. A wannan hali sai ka koma asusun gwaji na wata biyu ko uku, da awoyin nan dai, har ka tara ciniki talatin ko fiye ka ga me suke cewa.

Na biyu, kada ka dogara da ƙarfin zuciya, ka raba kanka da abin. Ka cire manhajar daga waya, ta zauna a kwamfutar gida kawai. In ba ka da kwamfuta, ka fita daga asusun bayan kowane zama, kalmar sirrin kuma ta zauna a takarda a gida, ba a kanka ba. Ka lura da ɓarauniyar hanya, domin nan mutane suka fi faɗuwa: an goge manhajar dillali amma ana duba farashi a wani shafi, ko ana bin rukunin masu ciniki inda kowa ke turo hoton allonsa. Duk kallo ɗaya ne. Ka kashe sanarwarsu daga safe zuwa yamma. In rashin sani ya fi ƙarfinka a makon farko, ka saka Alert guda biyu kacal, ɗaya a wurin asara, ɗaya a wurin riba, ya zo maka ta imel, muddin ka bar manhajar a kunne a kwamfutar. Shiru ya zama labari ke nan: in ba ka ji komai ba, babu abin da ya faru.

Na uku shi ne wanda aka fi rainawa, alhali shi ne ginshiƙin. Ba za ka iya barin ciniki ba tare da kallo ba in girmansa ya fi ƙarfin zuciyarka. Da abin da ya rage maka, kashi ɗaya cikin ɗari dala bakwai ne. In tazararka pip hamsin ce, 0.01 zai sa ka kasadar dala biyar, 0.02 zai kai ka goma, don haka 0.01 ne naka. Na san za ka ce wannan ai wasan yara ne, yaushe za a mayar da ɗari ukun da suka tafi? Amma ka auna da kanka. Wanda ke farkawa tsakar dare ya duba, jikinsa ne ke gaya masa ya ɗauki kayan da ya fi shi. Ka rage har sai ka iya kwana, nan ne ma'auninka na gaskiya. Ka kuma sani, in ka koma H4 dole tazarar Stop Loss ta faɗaɗa. Pip goma da ya yi maka aiki a M5, a nan numfashin kasuwa kawai zai share shi. Tazara ta ƙaru, girman ciniki ya ragu, kuɗin kasadar ya tsaya inda yake.

Dokar taɓa ciniki kuma ka rubuta ta da hannunka tun kafin ka shiga. Stop Loss ba ya ja da baya, ko da taku ɗaya. Yana iya matsawa gaba kawai, a lokacin zama, bisa sharaɗin da ka riga ka rubuta. Abokina ya zaɓi cewa in ribar ta kai girman kasadar kuma kyandir ya rufe a can, sai ya mayar da shi wurin shiga. Wasu ba sa taɓawa ko kaɗan, domin matsarwar kan sa a fitar da su ba riba ba asara a cinikin da zai kai gaci. Kowanne da farashinsa, ka zaɓi ɗaya ka riƙe shi na ciniki ashirin kafin ka sake tunani.

Akwai iyakar wannan tsari, kuma ba zan ɓoye maka ba. Stop Loss umarni ne na a rufe a farashin da aka samu bayan an kai wurin, ba alkawari ba ne na a rufe a daidai wurin. Ranar 15 ga Janairu 2015, Babban Bankin Switzerland ya janye katangar 1.20 da ya kafa tsakanin yuro da kuɗin ƙasarsa ba zato ba tsammani, farashi ya tsallake umarnin mutane da nisa, wasu ma suka wayi gari da bashi a kansu. Irin wannan ba kullum ba ne, amma ƙananan 'yan uwansa suna nan. Kasuwar foreks tana rufewa Juma'a ƙarfe biyar na yamma agogon New York ta buɗe Lahadi, kuma tana iya buɗewa nesa da inda ta kwana. Rahoton ayyukan yi na Amurka, wanda yawanci ke fita Juma'ar farko ta wata ƙarfe takwas da rabi na safe agogon New York, yana iya watsa farashi sama da ƙasa cikin minti ɗaya. Ka lura, ko kana riƙe da waya a irin wannan lokaci ba abin da za ka iya. Maganinsa ƙaramin ciniki da duba kalandar rahotanni a zaman dare. Sannan daidai lokacin rufewar yini tazarar farashin saye da sayarwa takan buɗe sosai na ɗan lokaci, shi ya sa ya fi kyau ka ajiye umarni mai jira a kan ka danna saye a wannan minti. Cinikin da ya kwana kuma akwai kuɗin kwana da ake cira ko a ƙara, za ka gan shi a ƙarƙashin Swap, ka saka shi a lissafi.

Yadda za ka gane tsarin ya fara lalacewa ba wuya. In ka ga kana zuwa zaman dare da jin cewa dole sai ka shiga wani abu tun da ka yini kana jira, ka koma gidan jiya ta wata ƙofa. A H4 da D1, kana iya yin mako guda ba ka samu abin shiga ba, kuma wannan daidai ne. In minti goma ya fara zama arba'in, ko ka fara sauka zuwa M15 wai don ka ga abin da ke ciki, ko ka ƙara girman ciniki don sun yi ƙaranci, duk alama ɗaya ce. Ka ajiye shafi a littafinka inda kake saka alama duk ranar da ka leƙa ba a kan lokaci ba. A watan farko wannan shafin ya fi na riba muhimmanci.

Game da oganka, gaskiya tana wajensa, kuma na san ka sani. Awoyin nan tara ka riga ka sayar da su. Ka ma duba ta fuskar kuɗi zalla: ko da ka ƙware har kana samun kashi uku cikin ɗari a wata, wanda ba ƙaramin abu ba ne, a kan dala ɗari bakwai dala ashirin da ɗaya ke nan. Ka ajiye wannan kusa da albashinka ka ga wanne kake sakawa a wuta don wanne. Albashin shi ne kuma gatanka a kan mai ciniki da ba shi da wani aiki, domin kai ba dole ba ne kasuwa ta ciyar da kai a ƙarshen wata, kana iya jira. Kashedi biyu ba wasa ba ne. Ba sai ka je kana dogon bayani ba, ka sa waya a aljihun tebur, ka riƙa bin rahotonka sau biyu kafin ka miƙa, wata guda ya isa ya ga bambanci.

Maiɗakinka kuwa, ba kasuwar take kishi da ita ba, kai take nema. Ka zaunar da ita ka gaya mata adadin da ya tafi, da bakinka, kafin ta gano da kanta. Ka nuna mata awoyi ukun, ka ce in ta gan ka da jadawali a wajen waɗannan tana da damar yin magana. Ku kuma yanke iyaka tare, misali in asusun ya sauka zuwa dala ɗari shida ka tsaya na wata uku, kuma ba za a ƙara ko sisi daga albashi ba. Abokina matarsa ce take riƙe da takardar kalmar sirrin a watan farko, ya ce kunyar zuwa ya roƙa ƙarfe ɗaya na dare ta fi kowace doka aiki.

In zama uku ma ya yi maka yawa, ka koma D1 zalla, zama ɗaya a dare, ciniki biyu ko uku a wata. In kuma ka duba ka ga abin da kake so shi ne kuɗinka ya ƙaru ba wai cinikin kansa ba, akwai zuba jari na dogon lokaci da ake dubawa sau ɗaya a wata. Brad Barber da Terrance Odean sun bi asusun gidaje fiye da dubu sittin da shida a kasuwar hannun jarin Amurka daga 1991 zuwa 1996, suka tarar waɗanda suka fi yawan saye da sayarwa sun samu kashi 11.4 cikin ɗari a shekara, kasuwar kuwa ta ba da 17.9. A 2018 kuma hukumar kula da kasuwannin hannun jari ta Tarayyar Turai ta ce tsakanin kashi 74 zuwa 89 cikin ɗari na ƙananan asusu masu irin wannan ciniki na rance asara suke yi. Ka ce ka fara ganewa, ban musa maka ba, amma takardar nan ta ciniki ashirin ce za ta tabbatar.

Abu guda kuma zan roƙe ka ka amsa wa kanka tsakani da Allah. In ka goge manhajar ka sake saukar da ita sau uku a mako ɗaya, ko ka taɓa cin bashi don ka zuba, ko kana ɓoye wa iyali adadin, ko kuma ka ji ba ribar kake nema ba, bugun zuciyar kake nema, to abin ya fara kama da caca, kuma jadawalin lokaci ba zai riƙe shi ba. A nan sai ka cire abin da ya rage, ka rufe asusun, ka nemi likita ko mai ba da shawara kan halayya ka yi masa bayani kamar yadda ka yi mini. In ba ka kai nan ba, ka gwada tsarin na mako huɗu cur, sannan ka sake rubuto mini da abu biyu: abin da takardar ciniki ashirin ta nuna, da yawan alamun da ke shafin leƙe.